Zaɓen Magwaji a Dabarar Quicksort da Yadda Yake Jefa Ta cikin Mafi Munin Jinkiri: Misali daga Rijistar Manoman Rani

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na malaman lissafi da kimiyyar kwamfuta, Madobi, Jihar Kano

Tsakure

Quicksort tana cikin dabarun jera bayanai da suka fi sauri, amma a wasu lokuta aikinta yakan haura daga kimanin n log n zuwa kimanin n²/2. Wannan maƙala ta nuna cewa abin da ke jawo hakan shi ne haɗuwar ƙa'idar zaɓen magwaji da siffar da bayanai suka zo da ita, kuma bayanan da ake tarawa a ofisoshi da ƙungiyoyi sun fi zuwa da siffar da ke karya dabarar. An yi aiki da misalin rijistar gonakin noman rani, an lissafa yawan gwaje-gwaje a kowane hali, sannan an duba iyakar kowane magani.

Gabatarwa



Tony Hoare ya ƙirƙiro quicksort a 1959, yana ɗalibi mai ziyara a Jami'ar Moscow, inda yake aiki a kan fassara da na'ura kuma yake bukatar jera kalmomi kafin a nemo su a ƙamus. An buga dabarar a 1961 a mujallar Communications of the ACM. Tsarinta gajere ne. A ɗauki abu ɗaya daga cikin jerin, wanda a nan zan kira magwaji, shi ne ake rubutawa `pivot` a cikin manhaja. A gwada kowane abu da shi: wanda bai kai shi ba ya koma hagu, wanda ya fi shi ya koma dama. Magwajin ya zauna tsakaninsu, kuma ya zauna ke nan, domin nan ne wurinsa na ƙarshe. Sai a sake yin haka a ɓangaren hagu, a sake yi a na dama, har kowane ɓangare ya rage abu ɗaya.

Littattafan da muke koyarwa da su sukan ce mafi munin halin dabarar abu ne da ba safai ake gamuwa da shi ba. Maganar gaskiya ce idan bayanan sun zo a hargitse. Sai dai a nan yankin muna da misalin bayanan da ba sa zuwa a hargitse. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana gangarowa ta babbar hanyar ruwa zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, a shirin noman rani na Kogin Kano da ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Gonakin an yanka su ne shiyya-shiyya a bin hanyoyin ruwa. Duk wanda zai rubuta sunayen masu gonaki, ko don rabon taki ko don karɓar kuɗin ruwa, zai bi layi ne daga wannan gona zuwa ta kusa da ita. Kafin littafinsa ya shiga kwamfuta, ya riga ya jeru, ko ya kusa. Rijistar da zan yi amfani da ita a ƙasa ƙaddarawa ce don lissafi, amma siffarta ita ce siffar irin waɗannan littattafai.

Yadda rabo yake gudana

Ga dabarar da salon rabo na Nico Lomuto, wanda Jon Bentley ya yaɗa, kuma shi ne mafi yawan ɗalibanmu suke fara koya. Magwajinsa shi ne abu na ƙarshe a ɓangaren da ake rabawa.

```python
def raba(a, f, k):
    p = a[k]
    i = f
    for j in range(f, k):
        if a[j] <= p:
            a[i], a[j] = a[j], a[i]
            i += 1
    a[i], a[k] = a[k], a[i]
    return i

def jera(a, f, k):
    if f < k:
        m = raba(a, f, k)
        jera(a, f, m - 1)
        jera(a, m + 1, k)
```

Abin da za mu riƙa ƙirgawa shi ne sau nawa aka bi ta layin `a[j] <= p`. Rabon ɓangare mai abu m yana cin gwaji m − 1, ko magwajin ya yi kyau ko bai yi ba. Kuɗin rabo ɗaya ba ya canzawa. Abin da magwaji yake canzawa shi ne girman aikin da ya bari a baya.

A ƙaddara lambobin gonaki bakwai sun zo a hargitse: 27, 11, 40, 18, 32, 14, 23. Magwaji na farko 23 ne. Bayan gwaji shida jerin ya zama 11, 18, 14, sai 23, sai 32, 40, 27. Uku a hagu, uku a dama. A hagu magwaji 14 ne, gwaji biyu suka raba 11 da 18, aiki ya ƙare a can. A dama magwaji 27 ne, wanda shi ne ƙarami a cikin ukun, don haka gwaji biyu suka bar 40 da 32 a gefe guda, aka ƙara gwaji ɗaya. Jimilla 6 + 2 + 2 + 1, wato 11.

Yanzu a kawo lambobin nan bakwai yadda magatakardan ƙungiya zai rubuta su: 11, 14, 18, 23, 27, 32, 40. Magwaji 40 ne. An yi gwaji shida, duka shidan sun koma hagu, dama babu kowa. Abin da aka samu da gwaji shidan nan shi ne tabbatar da cewa 40 tana inda take. Sai 32 ta ci gwaji biyar, 27 ta ci huɗu, haka har ƙasa. Jimilla 6 + 5 + 4 + 3 + 2 + 1, wato 21. Jerin da ba ya bukatar a taɓa shi ya ci kusan ninki biyu na wanda yake a hargitse.

A lissafe, idan T(n) shi ne yawan gwaji, rabo daidai wa daida yana ba da T(n) ≈ 2T(n/2) + n, wanda ke kaiwa ga kimanin n log₂ n. Rabon da ke cire abu ɗaya kawai yana ba da T(n) = T(n − 1) + (n − 1), wanda ke kaiwa ga n(n − 1)/2. A kan bayanai masu hargitsi na gaskiya, waɗanda babu biyu masu daraja ɗaya a cikinsu, matsakaicin gwaji shi ne 2(n + 1)Hₙ − 4n, inda Hₙ = 1 + 1/2 + … + 1/n. Ga gonaki 1,000 matsakaicin ya kusa 11,000, mafi muni kuwa 499,500. Ga gonaki 10,000 matsakaicin ya kusa 156,000, mafi muni 49,995,000, ninki fiye da 300. Ga 100,000 kuwa, miliyan biyu da 'yan kai ne a gefe guda, kusan biliyan biyar a ɗaya gefen. In muka ƙaddara kwamfuta tana yin gwaji miliyan goma a daƙiƙa, na farko zai ƙare kafin mutum ya ɗaga yatsa daga maɓalli, na biyu zai haura minti takwas.

Daga ina saurin yake zuwa

Akwai wata hanyar kallon lamarin da na fi so in koyar da ita, domin ita ce ke bayyana duk abin da zai biyo baya. A ɗauki kowane abu biyu a cikin jerin, a tambaya: za a taɓa gwada su da juna? Za a gwada su ne kawai idan ɗayansu ya zama magwaji alhali suna ɓangare ɗaya. Idan kuwa aka riga aka zaɓi wani magwaji da darajarsa take tsakaninsu, ɗaya ya tafi hagu, ɗaya ya tafi dama, ba za su sake haɗuwa ba har aikin ya ƙare. A misalinmu na farko, 23 ta raba ƙanana uku da manya uku, ta kashe gwaji tara a lokaci ɗaya. A ɓangaren hagu 14 ta raba 11 da 18, ta kashe ɗaya. Tara da ɗaya goma, kuma 21 a cire 10 saura 11, daidai da abin da muka ƙirga.

Ke nan dukan saurin quicksort yana cikin gwaje-gwajen da magwaji ya hana a yi. Magwajin da ya kasance mafi girma ko mafi ƙanƙanta ba ya tsakanin kowa da kowa, ba ya raba kowa da kowa. Idan aka yi ta samun irinsa a kowane mataki, sai an gwada kowane abu da kowane abu, kuma yawan hanyoyin ɗaukar biyu daga cikin n shi ne n(n − 1)/2. Lambar da muka samu a sama ke nan ta wata ƙofa.

Daga nan ake ganin cewa ba a bukatar magwaji ya faɗi daidai tsakiya. A ce kullum yana yanke kashi ɗaya cikin goma a gefe guda, ya bar tara a ɗaya gefen. Rabo ne mai kama da rashin adalci, amma babban ɓangaren yana raguwa da kashi goma cikin ɗari a kowane mataki, kuma jerin 10,000 zai ƙare a mataki kusan 88. Kowane mataki bai fi gwaji 10,000 ba, don haka aikin bai kai 880,000 ba, har yanzu a cikin dangin n log n yake. Amma a ce magwajin yana cire abu goma cif a kowane mataki, komai girman jerin. Za a yi mataki 1,000, aikin ya kai kimanin miliyan biyar, kuma in aka ninka jerin aikin zai ruɓanya sau huɗu. Bambancin yana tsakanin cire wani kaso na jerin da cire wani ƙayyadadden adadi.

Me ya sa ake cewa da wuya a gamu da shi

Idan jerin ya zo a hargitse, yiwuwar magwaji na farko ya zama na can gefe ita ce 2/n, na biyu 2/(n − 1), haka har ƙasa. Idan aka ninka su ana samun 2ⁿ⁻¹/n!. Ga abu bakwai, 64 ne cikin 5,040, kusan ɗaya cikin 79. Ga abu ashirin ya riga ya zama ƙasa da ɗaya cikin tiriliyan huɗu. Wannan lissafi ne ya sa ake kwantar wa ɗalibai da hankali. Amma sharaɗinsa shi ne kowane tsari na jerin yana da damar zuwa daidai da ta sauran, kuma rijistar da aka rubuta a bin layin gonaki ba ta cika wannan sharaɗi ba. Daga cikin tsare-tsare masu ɗimbin yawa, ita ta zo da ɗaya daga cikin 'yan kaɗan ɗin da suke karya dabarar, kuma za ta zo da shi bana, ta zo da shi baɗi.

Wani zai ce rijistar gaske ba ta jeruwa tsaf, ana ƙara sababbin sunaye a ƙarshe. Mu gwada. Gonaki 10,000 a jere, sai aka ƙara ɗaya a ƙasa mai lamba ta tsakiya. Rabo na farko ya yi kyau, 5,000 nan 5,000 can. Amma ɓangaren hagu yana nan a jere yadda yake. A ɓangaren dama kuma, musanyar ƙarshe ta `raba` ta ɗauke ƙaramin cikinsu ta kai shi ƙarshen jeri, inda zai zama magwaji, kuma haka zai yi ta faruwa a kowane mataki. Kowane ɓangare ya ci kimanin miliyan goma sha biyu da rabi, jimilla miliyan ashirin da biyar. An samu ragin rabi, cutar tana nan. Jerin da ya zo a juye, daga babba zuwa ƙarami, shi ma bai tsira ba: magwaji yakan zama ƙarami a wannan mataki, babba a na gaba, kuma jimillar ba ta ragu da ko ɗaya ba. Zaɓen abu na farko maimakon na ƙarshe duk kanwar ja ce.

Akwai asara ta biyu bayan ta lokaci. Kowane kiran `jera` yana jiran wanda ya kira ya dawo, kuma kwamfuta tana ajiye musu wuri. A rabo mai kyau zurfin kiran jerin 10,000 bai wuce 14 ba. A mafi muni zurfin yana kusan 10,000. Python tana tsayar da kira a zurfin 1,000 in ba a canza mata ba, saboda haka `jera(list(range(2000)), 0, 1999)` ba jinkiri za ta yi ba, za ta faɗi ne da `RecursionError`. A harshen C babu mai tsayar da ita da ladabi, in jerin ya yi girma manhajar ce za ta mutu. Ana magance wannan da fara jera ƙaramin ɓangare ta hanyar kira, a bi babban da zagaye, sai zurfin ya tsaya a log₂ n. Wannan gyara yana ceton wurin ajiya, ba ya rage gwaji ko ɗaya.

Magunguna da iyakarsu

Magani mafi sauƙi shi ne ɗaukar abin da ke zaune a tsakiyar ɓangaren. A kan jerin da ya riga ya jeru babu abin da ya fi shi, domin wanda ke tsakiya a wuri shi ne na tsakiya a daraja. Wanda ya fi shi ƙarfi shi ne a ɗauki uku, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, a zaɓi wanda darajarsa take tsakanin sauran biyun. Richard Singleton ya yi amfani da wannan a 1969, Robert Sedgewick kuma ya yi masa cikakken nazari a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Stanford a 1975. Amma a lura da abin da ya yi alkawari. In darajoji sun bambanta, ya tabbatar da cewa magwaji ba zai zama na can gefe ba, aƙalla akwai abu ɗaya a kowane ɓangare. Zai iya zama na biyu daga gefe. In haka ta yi ta faruwa, ana cire biyu ne a kowane mataki, aikin ya zama kimanin n²/4. David Musser ya nuna a 1997 yadda ake gina jerin da ke yi wa wannan ƙa'ida haka da gangan.

Ba sai da mugun nufi ake samun siffa mai haɗari ba. A ɗauki yawan kwandunan tumatir da ake kaiwa kasuwa kowace rana a kakar rani: yana farawa kaɗan, ya yi ta hawa har tsakiyar kaka, ya sauko. In aka rubuta shi rana bayan rana, na tsakiya a wuri shi ne mafi girma, don haka ƙa'idar tsakiya ta zaɓi mafi munin magwaji a rabo na farko. Ƙa'idar uku kuma ta ga ƙarami da babba da ƙarami, ta zaɓi ɗaya daga cikin ƙananan. Abin da zai biyo baya ya danganta da yadda salon rabon yake motsa abubuwa. Irin wannan siffa ce, 1, 2, 3 har n, sannan n har 3, 2, 1, ta fallasa `qsort` ta Unix a 1991, lokacin da Allan Wilks da Rick Becker na Bell Labs suka ga aikin 'yan mintoci yana cin sa'o'i. Binciken wannan matsala ne ya kai Jon Bentley da Douglas McIlroy ga sake rubuta `qsort`, suka buga sakamakon a 1993. A manyan jeri sun ɗauki abu tara, suka kasa su uku-uku, suka fitar da na tsakiyan kowane kashi, sannan na tsakiyan waɗannan ukun.

Duk ƙa'idar da take duban ƙayyadaddun wurare tana da jerin da zai karya ta. McIlroy ya nuna haka a aikace a 1999 da wata 'yar manhaja da ba ta yanke darajar abubuwa sai an zo gwada su, tana lura da wanda ake shirin mayarwa magwaji, ta ba shi ƙaramar daraja. Wannan ya shafi duk wanda manhajarsa ke karɓar bayanai daga waje ta intanet, domin mai son durƙusar da ita zai iya aiko mata da irin wannan jeri.

Zaɓe ta ƙuri'a ya bambanta da waɗannan duka. A jefa ƙuri'a a fitar da wuri ɗaya tsakanin `f` da `k`, a musanya abin da ke wurin da na ƙarshe, a ci gaba kamar da. Layi biyu ne a farkon `raba`, bayan an sa `import random` a sama:

```python
r = random.randint(f, k)
a[r], a[k] = a[k], a[r]
```

Mafi munin hali bai gushe ba, amma ya daina rataya a kan siffar bayanai. Rijistar da ta jeru da wadda take a hargitse yanzu matsakaicinsu ɗaya ne, 156,000 ɗin nan ga gonaki 10,000. Akwai kuma hanyar da Blum da Floyd da Pratt da Rivest da Tarjan suka fitar a 1973, wadda ke gano na tsakiya a daraja cikin aikin da bai wuce ninkin n ba, ta kawar da n² gaba ɗaya. A takarda ta gama magana. A aikace tana da nauyi, ba safai ake sa ta cikin manhajar jeri ba.

Inda ƙuri'a ma ba ta da amfani

Wannan shi ne ɓangaren da na fi son a tsaya a kansa, domin shi ne ake tsallakewa a aji. A ce yanzu ba da lambar gona za a jera rijistar ba, da abin da aka shuka ne: shinkafa, alkama, tumatir, masara, albasa. Gonaki 10,000, amfani iri biyar, a ƙaddara kowane iri 2,000. Mu koma ga tambayarmu ta ɗazu. Gonakin shinkafa biyu, wane magwaji ne zai raba su? Babu darajar da take tsakanin shinkafa da shinkafa. A salon Lomuto, duk magwajin da aka ɗauka, su biyun gefe ɗaya za su tafi, saboda amsar `a[j] <= p` ɗaya ce a kansu. Za su zauna tare har ranar da ɗayansu ya zama magwaji, a gwada su. Saboda haka kowace gonar shinkafa sai an gwada ta da kowace gonar shinkafa: 2,000 × 1,999 ÷ 2, wato 1,999,000. Sau biyar, 9,995,000, kafin a ƙirga gwajin da ke tsakanin iri da iri. Ko an zaɓi magwajin da ƙuri'a, ko da ƙa'idar uku, ko da ta tara, wannan lamba ba za ta ragu ba.

Irin wannan jeri kuwa shi ne abincin yau da kullum na ofis: a jera da ƙaramar hukuma, a jera da shiyya, a jera da wanda ya biya da wanda bai biya ba. Na ƙarshen nan daraja biyu kawai gare shi, kuma in an rabu biyu daidai, gwajin ya kai kusan miliyan ashirin da biyar.

Laifin a nan na salon rabo ne. Salon Hoare na asali, mai yatsu biyu da suke tahowa daga gefe da gefe, in aka rubuta shi yadda kowane yatsa zai tsaya a kan abin da ya yi daidai da magwaji, yana watsa masu daraja ɗaya hagu da dama, sai rabon ya daidaita. Wanda ya fi shi dacewa da matsalarmu shi ne rabo gida uku, wanda aka sani da matsalar tutar Holan ta Edsger Dijkstra: ƙanana a hagu, manya a dama, waɗanda suka yi daidai da magwaji a tsakiya, kuma na tsakiyan ba a sake komawa kansu.

```python
def jera3(a, f, k):
    if f >= k:
        return
    p = a[random.randint(f, k)]
    h, i, d = f, f, k
    while i <= d:
        if a[i] < p:
            a[h], a[i] = a[i], a[h]; h += 1; i += 1
        elif a[i] > p:
            a[i], a[d] = a[d], a[i]; d -= 1
        else:
            i += 1
    jera3(a, f, h - 1)
    jera3(a, d + 1, k)
```

A rijistarmu kowane rabo yana kawar da iri guda sukutum. Zurfin bai wuce biyar ba, kowace gona ba ta wuce gwaji biyu a mataki ba, don haka aikin bai kai 100,000 ba, inda ɗazu ya kusa miliyan goma. Farashinsa shi ne ƙarin gwaji a kan bayanan da babu maimaici a cikinsu. A ganina farashi ne mai sauƙi.

Yadda ake gane cutar

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ninkawa. A auna lokacin jera abu 5,000, a auna na 10,000, a auna na 20,000. In lafiya lau ne, lokacin zai ɗan haura ninki biyu a kowane karo. In yana ruɓanya sau huɗu, an shiga n². Agogon kwamfuta yakan yi wasa saboda wasu ayyukan da take yi, don haka ya fi kyau a sa maƙirgi a layin gwajin, a raba abin da ya ƙirga da n log₂ n. Ga 10,000 a hargitse amsar tana kusa da 1.2, a mafi muni tana kusa da 376, ba a bukatar gwani ya bambance su. Sai a maimaita awon a kan siffofi biyar: a hargitse, a jere, a juye, mai hawa da sauka, da mai daraja kaɗan. Ɗalibin da ya gwada manhajarsa da lambobin ƙuri'a kawai ya gwada ta ne a halin da ba ta taɓa faɗuwa.

Masu rubuta manyan manhajoji sun daina dogara da zaɓen magwaji shi kaɗai. A aikin nan nasa na 1997 Musser ya kawo `introsort`, wadda ke ƙirga zurfin kira tana tafiya. In zurfin ya wuce kimanin 2 log₂ n, wato 26 ga jerin 10,000, sai ta bar quicksort a wannan ɓangaren ta koma `heapsort` ta J. W. J. Williams ta 1964, wadda ba ta wuce dangin n log n a kowane hali. Haka `std::sort` take aiki a laburaren C++ na GNU. Harshen Go ya koma `pdqsort` a 2022, ita ma tana da irin wannan mafita. Python kuwa ba quicksort take amfani da ita ba. Tun 2002 `sort` ɗinta ta ginu a kan dabarar Tim Peters, wadda ke neman sassan da suka riga suka jeru ta haɗa su, har ta gama jerin da ya zo a jere da gwaji n − 1.

Kira ga malamai

Ɗalibinmu da za a ba aikin jera rijistar ƙungiyar manoma a Madobi ko Kura ya yi amfani da `sorted` ko `std::sort`, kada ya rubuta tasa. A aji kuwa dole ya rubuta, domin ya fahimta. Roƙona ga malamai shi ne kada a karɓi aikin quicksort daga hannun ɗalibi sai ya zo da ƙirgen gwaji a kan siffofin nan biyar, kuma a jarrabawa a ba shi jerin da duk abubuwansa daraja ɗaya ne, a ce ya faɗi gwaji nawa salon Lomuto zai ci in an zaɓi magwaji da ƙuri'a, ya kuma faɗi dalili.